Yadda Ake Haɗa Mabuɗi da Marufin Shirin Bidiyo Mai Zuwa Kashi-Kashi

Ma'aikatan rediyo sun daɗe da sanin amfanin taken shiri: mutum yana tsakar gida yana wata hidima, da ya ji ɗan kiɗan ya tashi ya san shirin da ya shigo, ba sai an gaya masa ba. A bidiyo ma aikin iri ɗaya ne, sai dai an ƙara masa hoto, wato tambarin shirin da sunansa. Ɗan guntun da ke zuwa a farko zan kira shi mabuɗi, wanda ke zuwa a ƙarshe kuma marufi. Abin da ya raba su da sauran jikin shirin shi ne sau ɗaya ake haɗa su, amma mai bibiyar shirin zai gan su kowane mako, saboda haka duk sakan ɗin da ya yi yawa da duk ƙarar da ta wuce ƙima za su yi ta maimaituwa a kashi hamsin ko ɗari.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wata tela ce ke koyar da ɗinki a YouTube, tana sakin kashi ɗaya duk mako mai tsawon kamar minti 10, da waya take ɗauka, sunan shirin kuma a ce «Ɗinki a Sauƙaƙe». Na zaɓi wannan suna da gangan, domin haruffansa masu ƙugiya za su nuna mana wata matsala a gaba.

A fara yanke tsawo da wurin zama

Kafin a buɗe wata manhaja, a yanke shawara kan abu biyu: sakan nawa mabuɗin zai ci, kuma a ina zai zauna. A ganina sakan 3 zuwa 5 sun isa shirin intanet, kuma a misalinmu sakan 4 za mu yi. Dogon take na sakan 30 mai jera sunayen ma'aikata gadon talabijin ne, inda mai kallo ke zaune ba shi da abin dannawa ya tsallake. Mai riƙe da waya kuwa babban yatsansa yana kan allo, ga kuɗin data yana tafiya, ba zai jira tambari ya gama juyi ba.

Wurin zamansa kuma ba sakan na farko ba ne. A bar mai shirin ta fara da abin da ya kawo mutane: ta ɗaga riga ta ce, «Wuyan nan ya tattare, yau za mu ga abin da ya jawo da yadda ake gyara shi.» Wannan ya ci sakan 10 zuwa 15, sannan mabuɗin ya shigo, sannan darasi. Dalilin yana cikin ma'aunin YouTube kansa, wanda ke nuna wa mai tasha kaso nawa na masu kallo suka rage bayan sakan 30 na farko. Idan aka fara da tambari, baƙon da bai san shirin ba bai ga wani dalilin tsayawa ba tukuna. Idan kuwa an riga an nuna masa wuyan rigar, ya ƙagu ya ga gyaran, zai yi haƙuri da sakan 4.

Ma'aunin bidiyon

Dole mabuɗin ya zama da ma'auni ɗaya da jikin shirin. Faɗi da tsayi na bidiyon kwance su ne 1920×1080. Abin da aka fi mantawa shi ne yawan firam, wato adadin hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya. Yawancin wayoyi firam 30 suke ɗauka, kyamarori da yawa a ƙasashenmu kuma ana saita su a 25, saboda wutar lantarkin Najeriya da Nijar 50 Hz ce, kuma 25 ta fi hana hasken kwan fitila rawa a hoto. Ba wanda ya fi wani, amma a duba wanda ake ɗaukar shirin da shi a bi shi. Idan aka haɗa mabuɗi a 30 aka jefa shi cikin shiri mai 25, manhajar za ta zubar da firam ɗaya a cikin kowane shida, sai a ga motsin tambarin yana ɗingishi. Telarmu da waya take aiki, saboda haka 30 ne namu, kuma sakan 4 sun zama firam 120. Daga nan da firam za mu riƙa lissafi, domin sakan ya yi girma ga wannan aiki.

Gyara tambari

Tambarin da za a motsa yana buƙatar zama fayil ɗin PNG marar bango, wato wanda bayansa fayau ne, duk abin da aka ɗora shi a kai yana bayyana ta gefensa. Fayil ɗin JPEG ba ya iya wannan, kullum da farin akwati yake zuwa. Na taɓa karɓar tambari daga wani mai shiri ta WhatsApp a matsayin hoto, na same shi ya ƙanƙance, gefen haruffan ya yi dishi-dishi, ga farin bango ya manne masa, sai da aka koma wurin wanda ya zana shi tun asali. A nemi mai zanen ya turo fayil ɗin ta hanyar `Document`, faɗinsa ya kai fiksel 2000, in kuma yana da na SVG ya haɗa da shi, tunda shi ana iya ƙara masa girma ba tare da ya fashe ba.

A kuma roƙe shi ya raba tambarin gida-gida. A misalinmu gida uku ne: hoton allura, layin zare, da rubutun sunan. Idan suna manne a fayil ɗaya, abin da kawai za a iya yi shi ne a shigo da su gaba ɗaya, amma idan a rabe suke, zare zai iya tafiya shi kaɗai kafin sunan ya fito.

Yanzu ga matsalar haruffan. Salon rubutu da yawa da ke cikin manhajojin tace bidiyo ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da an rubuta «Ɗinki a Sauƙaƙe», ko dai a ga ƙaramin akwati a gurbin harafin, ko kuma manhajar ta aro harafin daga wani salo dabam, sai Ɗ ɗin ya fito siriri a tsakanin haruffa masu kauri. Na biyun ya fi wuyar ganewa, kuma yakan wuce har a saki shirin. A ƙara girman rubutun ya cika allo a duba kowane harafi mai ƙugiya, babba da ƙarami. `Noto Sans` da `Andika` suna da su duka, kuma kyauta ne. Kada a gudu daga matsalar ta hanyar rubuta D da k zalla, domin suna ne da za a riƙa gani kowane mako, kuma mai karatu zai lura.

Launi biyu sun isa, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. Mu ɗauki shuɗin baba mai duhu a bango, `#1B2A5C`, da ruwan madara a rubutu, `#F4E9D2`. A rubuta waɗannan lambobi a ajiye, kada a riƙa zaɓen launi da ido, domin shuɗin yau ba zai zama na watan gobe ba. A guji ja zur a kan shuɗi, saboda matsewar da ake yi wa bidiyo a intanet ta fi cin bayanan launi fiye da na haske, sai gefen jan rubutu ya yi kamar ya zuba. Haka nan bangon da launinsa ke sauyawa a hankali daga duhu zuwa haske yakan fito da zobba-zobba bayan an matse shi. Layin zaren ma kada ya gaza fiksel 6 a kauri, in ba haka ba zai ɓace a ƙaramar waya. A ƙarshe a bar fili a gefuna, aƙalla fiksel 96 hagu da dama, 54 sama da ƙasa, kada rubutu ya shiga ciki.

Sauti kafin motsi

Nan ne mutane da yawa ke juya aikin baibai: su gama motsa tambari, sannan su je neman kiɗan da za su shimfiɗa a ƙarƙashi. Sakamakon shi ne hoto na tafiyarsa, sauti na tasa. Daidai shi ne a fara haɗa sautin, a ga inda bugunsa yake, sannan a sa hoton ya sauka a kan bugun.

Tambayar farko ita ce mallakar sautin. YouTube na da tsarin da ake kira `Content ID`, wanda ke gane kiɗan da aka yi wa rajista a duk bidiyon da ya bayyana. Idan an yanko sakan 4 daga waƙar wani aka yi take da su, abin ba kashi ɗaya zai shafa ba, duk kashin da ke ɗauke da taken yana iya samun da'awa, kuɗin talla ya tafi wurin mai waƙar. Akwai `Audio Library` a cikin `YouTube Studio` da ake ɗaukar kiɗa kyauta, wasu da sharaɗin a ambaci mai su, amma dubban tashoshi na amfani da su, saboda haka ba za su zama alamar shirinka kai kaɗai ba. Idan makaɗi aka sa ya buga sabon abu da kalangu ko gurmi ko sarewa, a rubuta yarjejeniya a takarda cewa ya ba shirin izinin amfani da shi a duk kashi da duk dandali. A kuma yi la'akari da abin da kowane kayan kiɗa ke ɗauke da shi a kunnen Bahaushe: kakaki da algaita na fada ne, ba su dace da darasin ɗinki ba. Shirin karatu ko wa'azi kuwa, da wasu masu shiri da ba sa son kiɗa sam, muryar mutum ko sautin wani abu na zahiri ya ishe su.

Telarmu ba ta buƙatar makaɗi, domin takenta na cikin shagonta: ƙarar keken ɗinki da ƙaras ɗin almakashi. A kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga keken, a ɗauki tafiyarsa na sakan 10. Sannan a ɗauki almakashi yana yanka atamfa sau goma, domin daga cikin goman ɗaya ne ko biyu za su fito da kaifi. A cikin `Audacity` ko manhajar tacewar, a yanko sakan ɗaya da rabi na keken daga tsakiya, inda tafiyarsa ta daidaita, a sa ya tashi a hankali ya tsaya, sai ɗan shiru, sai yankan almakashi ɗaya. Wannan ɗan shirun shi ke sa yankan ya fito. A fitar da sautin a matsayin WAV mai 48000 Hz, wanda shi ne ma'aunin sautin bidiyo.

Sautuka irin waɗannan suna da wata fa'ida: lasifikar waya ba ta fitar da amo mai zurfi. Wanda ya yi takensa da dum ɗin babbar ganga zai ji shi da daɗi a abin kunne, amma a lasifikar waya kusan ba za a ji komai ba. Almakashi da keke a tsakiyar amo da samansa suke, ko'ina ana jin su.

Sai ƙarfin sautin, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mai kallo ya ƙara murya don ya ji maganar mai shirin, kwatsam take ya faɗo masa a kunne, ya rage, magana ta dawo ba ya ji. Ƙa'idar ita ce kada take ya fi muryar mai shirin ƙarfi. Ana auna wannan da ma'aunin LUFS, kuma YouTube na rage duk bidiyon da ya wuce kimanin −14, amma bidiyon gaba ɗaya yake ragewa, ba ya daidaita take da murya a cikinsa. Mai kwamfuta da manhajar `ffmpeg` yana iya auna fayil ɗin taken da na muryar haka:

```
ffmpeg -i take.wav -af ebur128 -f null -
ffmpeg -i murya.wav -af ebur128 -f null -
```

A ƙarshen abin da ya fito za a ga layi mai `I:` da lamba. A ce murya ta ba da −16, take ya ba da −10: take ya fi ta da 6, sai a rage shi da 8 dB ya koma −18, ya zauna ƙasa da muryar kaɗan. Wanda waya kawai gare shi ya saita ƙarar wayar inda yake jin maganar daidai, ya rufe ido ya saurara daga magana zuwa take zuwa magana. Idan hannunsa ya nufi maɓallin rage murya, take ya yi yawa.

Ɗora motsi a kan sauti

A buɗe sabon aiki a `CapCut`, `KineMaster` ko `DaVinci Resolve`, a saita 1920×1080 da firam 30, a fara ajiye sautin a layinsa. A zanen sautin za a ga yankan almakashin a matsayin tsini ɗaya mai tsayi. A ja shi ya zauna a firam na 60, wato sakan 2 cif, domin shi ne ginshiƙin da komai zai jingina da shi.

Daga firam 0 zuwa 10 shuɗin bangon ya shigo ya rufe hoton mai shirin. Daga 10 zuwa 55 allura ta taso daga hagu zuwa tsakiya tana jan zare, keke na ƙara a ƙarƙashi. Ana yin wannan da `keyframe`, wato alamar da ke riƙe matsayin abu a wani firam: a sa ɗaya a firam na 10 allura tana gefen hagu, a sa wani a na 55 tana wurin zamanta, manhajar ta cike tsakani. Zaren kuma a rufe shi da `mask`, wato abin da ke ɓoye wani ɓangaren hoto, a riƙa buɗe shi da irin waɗannan alamomi biyu, ya zama kamar allurar ce ke fitar da shi. Idan aka bar motsin yadda manhajar ta ba da shi, gudu ɗaya zai yi daga farko har ƙarshe ya tsaya cak, abin da ido ke gani kamar na inji. A zaɓi `ease out` domin allurar ta rage gudu kafin ta tsaya, kamar yadda tela ke sassauta ƙafa idan ta kusa bakin yadi.

Sunan shirin ya fara bayyana a firam na 54, ya gama zama a na 60 daidai da yankan. Idan dole a kuskure, gara sauti ya makara da firam ɗaya da ya riga hoto, domin mun saba ganin abu kafin mu ji ƙararsa, akasin haka kuwa kunne na saurin kamawa. Daga 60 zuwa 105 kada komai ya motsa. Wannan sakan ɗaya da rabi na tsayuwa shi ne ainihin aikin mabuɗin, lokacin da ake karanta sunan, kuma shi ne wanda masu koyo ke cinyewa da juye-juye da walƙiya har tambarin ya wuce ba a karanta ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a karanta sunan da baki ba tare da gaggawa ba, in bai shiga lokacin tsayuwar ba, a rage motsin a ƙara wa tsayuwar.

Daga 105 zuwa 120 bangon ya janye, kuma a bar muryar mai shirin ta fara shigowa tun firam na 105, kafin fuskarta ta gama bayyana. Hakan na ɗinke mabuɗin da darasin, ba a jin an tsaya an sake tashi. Kada a sa lambar kashi ko batun ranar a cikin mabuɗin kansa, a rubuta su a kan hoton darasin bayan ya wuce, domin mabuɗin ya zauna fayil ɗaya da ba a taɓawa.

Marufi

Marufi ba mabuɗi ba ne da aka juya. Aikinsa shi ne ya miƙa mai kallo zuwa kashi na gaba, kuma a YouTube ma'auninsa ya dogara da abin da ake kira `End screen`, wato akwatunan da ake dannawa a ƙarshen bidiyo. Ana iya sa su a sakan 5 zuwa 20 na ƙarshe, bidiyon ya kai aƙalla sakan 25, kuma ba su wuce guda huɗu. Bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ba ya karɓar su. Mu za mu yi marufi na sakan 12, wato firam 360, da abu biyu kawai: akwatin kashi na gaba da da'irar tashar da ake dannawa don bin ta.

YouTube ne ke ɗora waɗannan akwatuna daga baya, ba a cikin bidiyon suke ba, saboda haka aikin mai tacewa shi ne ya bar musu fili. Kada a yi ƙiyasin filin. A ɗora wani bidiyon gwaji a matsayin `Private`, a shiga `End screen` a jera akwatunan inda ake so, a ɗauki hoton allon, a shigo da shi cikin manhajar a matsayin jagora, a tsara bango a kewaye da shi, sannan a goge jagorar. A misalinmu akwatin kashi na gaba yana dama, mai shirin tana hagu a cikin ƙaramin hoto, tambarin yana sama a ƙanƙance, da'irar tana ƙarƙashinsa. Daga kashi na biyu, `Import from video` zai kwafo jerin akwatunan yadda suke.

Babban abin lura shi ne magana. Da mai shirin ta ce «to, a nan muka kawo ƙarshen shirinmu», mutane sun tafi, sauran sakan ɗin bango kawai ake nuna wa. Saboda haka marufin ya shigo tana cikin magana, kuma maganar ta zama mai amfani: «Wuyan ya kwanta. Saura hannu, shi ma yana da tasa dabarar, ga shi nan a wannan bidiyon.» Wannan ya ci sakan 8 na farko, ƙarar keke na can ƙasa sosai, kamar 20 dB ƙasa da muryar. A sakan 4 na ƙarshe muryar ta tsaya, keken ya ɗan taso, sai yankan almakashin nan dai na mabuɗi ya zo a firam na 345, a bar rabin sakan ya huce. Kada a dusashe hoton zuwa baƙi, domin akwatunan za su rage suna yawo a kan duhu.

A Facebook da WhatsApp akwatunan nan ba sa fitowa, sai a ga fili fayau da mai shiri tana nuna abin da babu shi. Don haka a haɗa marufi na biyu mai sakan 3: tambari, sunan tashar yadda ake rubuta shi a wurin nema, da yankan almakashi. Gajerun bidiyoyin tsaye masu 1080×1920 kuwa ba sa ɗaukar mabuɗi ko kaɗan, ƙaramin tambari a ɓangaren sama ya wadatar, tunda ƙasan allon da gefen dama rubutu da maɓallan dandalin ne ke rufe su. Mai amfani da `CapCut` a waya ya tuna ya goge ɗan guntun da manhajar ke liƙawa a ƙarshe da tambarinta, in ba haka ba shi zai zama marufin shirin.

Fitarwa, gwaji da ajiya

A fitar da mabuɗin da marufan biyu a MP4 da inganci mafi girma da manhajar ta bayar, domin za a sake matse su duk lokacin da aka fitar da sabon kashi, sannan dandalin ya ƙara matsewa. Fayil ɗin MP4 ba ya riƙe bango fayau, saboda haka shigowar shuɗin bangon da janyewarsa a kan hoton mai shirin sai dai a yi su a cikin aikin kowane kashi, da canjin hoto iri ɗaya mai tsawo iri ɗaya. Mai `DaVinci Resolve` ko makamancinta na iya fitar da jerin hotunan PNG ko wani tsari mai riƙe fayau ɗin, ya huta da wannan. Hanya mafi sauƙi ga kowa ita ce a ajiye aiki ɗaya da mabuɗi da marufi ke zaune a wurarensu da ƙarar da aka daidaita, duk mako a kwafe shi a zuba sabon darasi a tsakiya.

Gwajin kuma a yi shi a inda za a kalli shirin, ba a allon da aka haɗa shi ba. A tura wa kai ta WhatsApp a matsayin bidiyo, a buɗe a ƙaramar waya mai arha, a fita da ita rana a ga ko sunan na karantuwa. A ɗora a YouTube a saukar da ingancin zuwa `360p`, wanda masu tattalin data ke kallo da shi, a duba ko zaren na nan. Sannan a kunna mabuɗin sau goma a jere. Abin da ya fara gundurar mutum a karo na shida, ko wani walƙiya ne ko tsawon ƙarar keken, shi za a cire, domin mai bibiyar shirin zai kai wannan karon cikin wata biyu.

A haɗa komai a folda ɗaya, a kuma ajiye kwafinta a wani wuri ban da wayar: gidajen tambarin uku, fayil ɗin salon rubutun, lambobin launi, sautin asali kafin a yanka shi, takardar izinin makaɗi in akwai, da fayilolin da aka fitar masu suna bayyananne kamar `mabudi_1080p30_v1.mp4`. A sunan fayil gara a bar haruffa marasa ƙugiya, saboda wasu na'urori na rikita su.

Bayan an saki kashi uku ko huɗu, a shiga `Analytics` na kowannensu a duba zanen da ke nuna inda masu kallo ke tsayawa da inda suke tafiya. Mabuɗinmu na zaune wajen sakan na 12 zuwa na 16. Idan layin na gangarowa a hankali ya wuce wurin ba tare da wani rami ba, a bar shi yadda yake. Idan kuwa a kowane kashi ana ganin ya faɗa a daidai wurin sannan ya ɗan farfaɗo bayansa, alama ce mutane na tsallake shi, sai a rage tafiyar allurar daga firam 45 zuwa 20, a matso da yankan almakashin zuwa firam na 35, a bar tsayuwar sunan da tsawonta, mabuɗin ya koma firam 95, a sa masa `v2`.